Yadda Ake Daidaita Tagwayen Tayoyin Baya na Manyan Motoci, Daga Awon Kewaye Zuwa Awon Iska

Direbobin tirela da masu tifa sun sha tambayar dalilin da ya sa sabuwar taya, wadda aka saya da dubban ɗaruruwan naira, take fashewa ko ta cinye kafin lokacinta alhali an ɗaura ta a baya kusa da wata taya mai lafiya. Mafi yawan lokuta amsar tana ga yadda aka haɗa tayoyin biyu. Tagwayen tayoyin baya a ɗaure suke da notuna guda, saboda haka dole su yi juyi iri ɗaya, ko tsayinsu ya zo daidai ko bai zo ba. Idan ɗaya ta fi tsayi, ita ce za ta fara taɓa kwalta ta ɗauki mafi yawan lodi ta yi zafi, ita kuwa gajeriyar sai a riƙa jan ta a ƙasa tana gogewa. Abin ya yi kama da a ɗaura wa dogon sa da gajere karkiya ɗaya a gona. Ga yadda ake aikin daidaita su, kuma misalan za su tsaya a kan taya mai lamba 315/80R22.5, wadda ake yawan gani a ƙarƙashin tirelolin da ke tsayawa a Kwangila da Ɗanmagaji a Zariya.

1. Tanadi kayan aiki

Ana buƙatar gejin iska na manyan motoci, mai baki biyu, wanda yake karanta aƙalla psi 160, domin gejin ƙananan motoci ba ya kai wa inda ake so. Sai tef ɗin awo mai laushi wanda ya wuce mita 4, da ɗan ƙaramin ma'aunin zurfin zanen taya, da miƙaƙƙen ƙarfe ko katako wanda zai iya kwantawa a kan tayoyin biyu lokaci guda, da alli, da jak mai ƙarfi, da waigi, da ruwan sabulu a gora. Duk waɗannan ƙananan kayan awo, idan aka haɗa kuɗinsu, ba su kai ko kusa da kuɗin sabuwar taya guda ba, kuma sau ɗaya ake sayensu. Kuɗin da ya fi yawa a aikin shi ne ladan mai faci, wanda yake lissafi da yawan tayoyin da aka kwance aka mayar, don haka a gama awo tukuna a san guda nawa za a taɓa kafin a yi ciniki.

Gargaɗi: kada a auna kewayen taya da igiyar roba ko wata igiya mai miƙewa. Bambancin da ake nema bai kai tsawon gaɓar yatsa ba, kuma igiyar da ke miƙewa za ta haɗiye shi gaba ɗaya.

2. Karanta rubutun jikin tayoyin biyu

Kafin a ɗauki tef, a duba cewa lambar girman tayoyin iri ɗaya ce harafi da harafi. Taya mai lamba 315/80R22.5 tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 1,076 ne, mai lamba 295/80R22.5 kuwa kusan milimita 1,044. Dukansu suna shiga rim mai inci 22.5, kuma wanda ya hango su daga nesa ba lallai ya bambance ba, amma tsakaninsu akwai milimita 32, abin da ya ninka iyakar da aka yarda da ita sau biyar. Haka kuma ba a haɗa taya mai waya, wadda ake ganin harafin R a lambarta, da taya mai zaren nailon, saboda yadda suke lanƙwasawa a ƙarƙashin lodi ya sha bamban ko da tsayinsu ya zo ɗaya a tsaye.

Akwai wata lamba kuma da direbobi da yawa ba sa kula da ita, misali 156/150. Ta farkon tana nufin tayar za ta ɗauki kilo 4,000 idan ita kaɗai ce, kamar a gaba, ta biyun kuma tana nufin kilo 3,350 kacal idan tana cikin tagwaye. An rage ne da gangan, domin masu ƙera taya sun san titi ba ya raba nauyi daidai wa daida tsakanin ta ciki da ta waje. Wannan ragin na kilo 650 shi ne ɗan sararin da aka bari, kuma rashin daidaiton tsayi ko na iska yana cinye shi nan take. Aksul mai tayoyi huɗu irin waɗannan iyakarsa ta fuskar taya kilo 13,400 ne, muddin kowace tana ɗaukar rabonta.

Abin da ya fi dacewa shi ne tayoyin su zama na kamfani ɗaya masu zane ɗaya, domin kamfanoni biyu suna iya buga lamba ɗaya a jikin taya amma tsayin ya bambanta da 'yan milimita. A kasuwa irin ta Sabon Gari, inda mutum yakan sayi abin da ya samu da abin da aljihunsa ya kai, ba kullum hakan yake yiwuwa ba, shi ya sa awo ya zama dole, musamman ga tayoyin da aka riga aka yi amfani da su.

3. Daidaita iska kafin awo

Taya mai ƙarancin iska kewayenta yakan ragu kaɗan, saboda haka awon da aka yi kafin a daidaita iska ba abin dogaro ba ne. A ajiye motar a fili mai shimfiɗa, a sa waigi, a bar tayoyin su huce na aƙalla awa uku bayan tafiya. Mafi sauƙi shi ne a yi aikin da sassafe kafin rana ta doki gefe ɗaya na motar. Sannan a cika dukkan tayoyin da za a gwada zuwa awo ɗaya. Idan tayar sabuwa ce fil, a bar ta da iska a ciki ta kwana kafin a auna ta, domin sabuwar taya takan ɗan buɗe bayan an fara hura ta.

4. Auna kewaye, sannan a haɗa kowace da sa'arta

Wannan shi ne zuciyar aikin. Iyakar da masu ƙera tayoyin manyan motoci suka saba bayarwa ita ce kada bambancin tsayi tsakanin tagwaye ya wuce rubu'in inci, wato milimita 6, wanda a kewaye yake daidai da kashi uku cikin huɗu na inci, wato milimita 19. An fi son awon kewaye domin yana ninka bambancin fiye da sau uku, sai ido ya gan shi sosai a kan tef.

A ɗaga aksul da jak, ko kuma a auna tayar bayan an sauke ta. A cire duwatsun da suka maƙale a cikin zane, a zagaya tef ta tsakiyar inda tayar ke taka ƙasa, a ja shi ya kwanta sosai ba tare da ya karkace zuwa gefe ba, a karanta, a rubuta adadin da alli a jikin tayar. A maimaita awon sau biyu. Idan mai faci da yaron mota ne suke yi tare, mutum ɗaya ya riƙa karantawa tun daga farko har ƙarshe, domin kowa da irin ƙarfin da yake jan tef.

Akwai gajeriyar hanya ta bincike idan ba a son kwance komai. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfen nan a kan tayoyin biyu ta sama ko ta baya, inda nauyi bai danne su ba, a dubi ratar da ke tsakanin ƙarfen da gajeriyar tayar. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin ratar da ake gani rabin bambancin tsayi ce kawai, tunda gefe ɗaya na tayar ake dubawa. Idan ratar ta wuce milimita 3, to an riga an wuce iyaka. Haka lissafin yake ga zurfin zane: idan tayoyin iri ɗaya ne na kamfani ɗaya, bambancin zurfin zanensu kada ya wuce milimita 3.

A ɗauka tirela ta taso da buhunan masara daga Giwa, tayar baya ta waje a ɓangaren dama ta fashe kafin a kai Kwangila, maigidan motar ya aiko da kuɗi aka sayi sabuwa. Abin da aka saba yi shi ne a cusa sabuwar a gurbin wadda ta fashe a kama hanya. To, a ce an auna an samu zurfin zanen sabuwar milimita 18, na tsohuwar da ke ciki kuma milimita 9. Bambancin milimita 9 a zane yana nufin milimita 18 a tsayi, wato kusan milimita 57 a kewaye, ninki uku na iyakar da aka yarda da ita. Taya mai wannan girma tana juyawa kusan sau 300 a kowace kilomita, saboda haka a lissafi gajeriyar tana gaza doguwar da kimanin mita 17 a kowace kilomita, wanda daga Zariya zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 150, ya haura kilomita biyu da rabi. Wannan bambancin ba ya ɓacewa. Wani ɓangarensa doguwar tayar ce ke shanye shi ta hanyar dannewa fiye da kima a ƙarƙashin lodin da ba nata ba, sauran kuma ya fita a matsayin gogewar gajeriyar a kan kwalta. Da haka ake asarar tayoyi biyu a lokaci guda, sabuwar ta hanyar zafi, tsohuwar ta hanyar suɗewa.

Maganin shi ne a auna dukkan tayoyin aksul ɗin, har da safaya idan akwai. A ce sabuwar ta ba da milimita 3,385, abokiyar zamanta ta ciki 3,328, ta waje a hagu 3,372, ta ciki a hagu kuma 3,340. Nan take za a ga cewa ɓangaren hagun ma da ba a zarge shi ba yana da bambancin milimita 32. Idan aka jera su daga babba zuwa ƙarama, sai a haɗa 3,385 da 3,372 a gefe ɗaya, bambanci milimita 13, a haɗa 3,340 da 3,328 a ɗaya gefen, bambanci milimita 12. Ba a sayi ƙarin taya ba, an dai biya ladan kwance tayoyi da mayar da su, kuma kowace ta samu sa'arta. Ɗan bambancin da ya rage tsakanin hagu da dama giyar cikin aksul tana iya shanye shi, tunda aikinta ke nan ta bar ɓangarorin biyu su juya da sauri daban-daban, amma tsakanin tagwaye babu wata giya, notuna ne kawai.

Ga mota mai aksul biyu masu ja a baya, akwai ƙarin sharaɗi, wato jimillar kewayen tayoyi huɗu na aksul na farko ta zo kusa da ta na biyu. Idan aka tara duk manyan a aksul ɗaya, ƙananan a ɗayan, aksulolin biyu za su riƙa ja-in-ja, man giya ya yi zafi. Hanyar da masu ƙera aksul suke bayarwa ita ce a sa manya biyu a gefe ɗaya na aksul guda, mafi ƙanƙanta biyu a ɗaya gefen wannan aksul ɗin, matsakaita huɗu kuma su tafi aksul na biyu.

Gargaɗi: kada a yarda da dabarar rage iskar doguwar taya domin ta sauko daidai da gajeriya. Ana jin masu faci suna cewa, "Maigida, bari in ɗan sassauta mata iska su zo ɗaya." A ido za su zo ɗaya, amma tayar da aka rage wa iska ba ta da ƙarfin ɗaukar rabonta, kuma gefenta zai riƙa lanƙwasawa yana tara zafi har wayoyin ciki su gaji.

5. Ɗaura su yadda ya kamata

Idan akwai ɗan bambanci a cikin iyaka, doguwar ta zauna a waje. Dalili shi ne titi yakan yi tudu a tsakiya ya gangara zuwa gefe domin ruwa ya sauka, don haka ta ciki ta fi kusa da kwalta tun asali, ga kuma zafin durom ɗin birki da take sha fiye da ta waje.

A goge tsatsa da ƙasa daga fuskokin rim biyu da za su haɗu, domin dattin da aka danne a tsakani yakan murƙushe a hanya ya bar notuna a kwance. Rim ɗin biyu su zama masu faɗi ɗaya da zurfi ɗaya, saboda zurfin rim ne yake samar da ratar da ke tsakanin tayoyin. A daidaita ramukan rim yadda hannu da geji za su kai ga bawul ɗin ciki, a sa bawul ɗin waje a ɓangaren da ke fuskantar na ciki ta ɗaya gefen da'irar. Wannan ƙaramin abu shi ne yake raba motar da ake auna tayarta ta ciki da wadda ba a taɓa aunawa, domin duk bawul ɗin da sai an kwanta a ƙarƙashin mota kafin a same shi, ba za a neme shi ba. Idan hannu ba ya kai wa, a sa masa abin ƙarin tsawo a ɗaure shi kada ya riƙa kaɗawa.

A ɗaure notuna a gicciye, wannan sannan na gabansa ta ɗaya ɓangaren, ba a bi su a jere ba. A yawancin motoci masu noti goma ƙarfin ɗaurin yana kusa da Nm 600, amma littafin motar ne yake da magana ta ƙarshe, kuma yaro ya hau kan dogon bututu yana tsalle ba awo ba ne. A sake bin notunan bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. Wanda ya tashi daga Zariya ya nufi kudu sai ya duba su da ya isa Kaduna.

Gargaɗi: idan rim ɗin mai zobe ne, irin na tayoyi masu tiyub kamar 12.00R20, ko kuma ana zargin rim ya tsage, a sauke iskar tayoyin biyu gaba ɗaya kafin a taɓa noti ko ɗaya. Notunan ne kaɗai suke iya zama abin da ke riƙe da tsagaggen rim na ciki.

6. Cika iska da geji ɗaya

Adadin iskar ya dogara da lodi da abin da kamfanin motar da na tayar suka rubuta. A jikin taya mai girman da muke magana a kai za a ga iyakar da take kaiwa, yawanci kPa 850 zuwa 900, wato psi 123 zuwa 130, kuma motar da ke ɗaukar cikakken lodi kusa da nan take buƙata. Duk adadin da aka zaɓa, tagwayen su zo ɗaya. Bambancin psi 5 ya isa ya sa mai iska da yawa ta zama doguwa, ta ɗauki lodin 'yar'uwarta, ko da tef ya nuna sa'o'in juna ne. A yi ƙoƙarin kada ya wuce psi 2.

A yi amfani da geji ɗaya ga tayoyin biyu, domin gejin da ya sha faɗuwa a ƙasa yana iya yin ƙarya da psi da dama, kuma idan ƙaryar iri ɗaya ce a tayoyin biyu aƙalla sun daidaita. Lokaci zuwa lokaci a gwada shi da wani sabo. A kuma lura da injin iskar mai faci: idan tankinsa bai wuce awon da ake nema ba, iska za ta daina shiga tun ba a kai ba, a ɗauka tayar ta cika. Bayan an gama a shafa ruwan sabulu a bakin bawul a ga ko zai yi kumfa, sannan a rufe da murfin ƙarfe mai roba a ciki, domin ƙurar hunturu tana shiga bawul ta hana shi rufewa.

Yanayi ma yana taɓa awo. Duk sauyin digiri 10 a ma'aunin zafi yana motsa iskar irin wannan taya da kimanin psi 4, saboda haka tayar da aka cika da rana tsaka a watan Afrilu ba za ta nuna abu ɗaya da wadda aka cika da asubar Janairu ba. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne a cika tagwaye a zama ɗaya, kada a yi wa ta waje yau a bar ta ciki sai gobe.

Gargaɗi: ba a rage iskar taya mai zafi. Bayan doguwar tafiya geji yakan nuna ƙarin psi 10 zuwa 15, kuma hakan daidai ne. Wanda ya sauke wannan ƙarin zai wayi gari da taya mai ƙarancin iska. Haka kuma duk tayar da aka samu ta yi tafiya da iskar da ta gaza kashi 80 cikin 100 na awonta, misali psi 95 a inda ake son 120, kada a cika ta a jikin mota. A sauke ta a duba cikinta, domin wayoyin gefenta suna iya kasancewa sun karye, kuma irin wannan tayar takan yage ta gefe lokacin hurawa da ƙarfin da ke kashe mutum. A hura ta a cikin kejin ƙarfe da dogon tiyo, kowa ya kauce daga fuskantar gefenta.

7. Bincike a kan hanya

Bugun taya da guduma ko sanda, wanda yaran mota suke yi a duk inda aka tsaya, yana da amfani guda ɗaya: yana nuna tayar da ta sace gaba ɗaya. Kunne ba ya bambance psi 120 da 105. Duk da haka kada a bar shi, domin tayar ciki tana iya sacewa ba a gani ba, tunda ta waje tana riƙe da ita a tsaye, kuma a wannan hali ta wajen tana ɗauke da rabon taya biyu, wanda a cikakken lodi ya kai kilo 6,700 a kan tayar da iyakarta 4,000 ce ko da ita kaɗai. Geji kuwa a sa shi aƙalla sau ɗaya a mako, da kuma kafin kowace doguwar tafiya.

Idan aka tsaya bayan tafiyar awa ɗaya ko biyu, a kai bayan hannu kusa da kowace taya. Tagwayen da suka daidaita ɗuminsu yakan zo kusa da juna, ta ciki ta ɗan fi kaɗan. Idan ɗaya ta fi ɗayar zafi sosai, ko dai ita ce ke ɗauke da lodin ko kuma iskarta ta yi ƙasa, geji da tef ne za su raba gardama bayan ta huce. A leƙa tsakanin tayoyin a ƙasa, inda suke kumbura: dole a ga rata. Idan gefunansu suna taɓa juna, ko aka ga wurin ya yi sheƙi kamar an goge shi, to iska ta yi kaɗan, ko lodi ya yi yawa, ko rim ɗin ba nasu ba ne. Masu tifa da ke shiga wuraren ɗiban yashi da fasa dutse su duba ko dutse ya maƙale a tsakani, domin yana cin gefen tayoyin biyu a hankali, kuma idan ya fita a guje motar da ke baya yake samu.

Zanen tayar ma yana ba da labari bayan 'yan makonni. Gajeriyar taya, ko mai ƙarancin iska a cikin tagwaye, takan cinye a tsallake, wani wuri ya lotsa wani ya tsaya, har tafin hannu ya ji tudu da kwari idan aka shafa. Da zarar an ga haka a sauke ta a sake awon mataki na huɗu, domin bambancin yana ƙaruwa ne da kansa: gajeriyar tana ƙara gajarta saboda gogewa, doguwar tana ƙara ɗaukar lodi. Tayar da ta fita daga sahun 'yan'uwanta ba asara ba ce, a rubuta kewayenta a jikinta da fenti a ajiye ta a inuwa, har wata mai kusan awonta ta sauko daga wata motar a haɗa su.